Yadda ake auna ingancin jerin sakamakon bincike da NDCG da makin da mutane suka ba da

A ce kana kula da akwatin bincike na shafin taimako na wata manhaja. Abokin aikinka ya gina sabon tsarin jera sakamako, ya ce ya fi tsohon. Ka gwada tambayoyi uku da hannunka, biyu sun yi kyau, ɗaya ta lalace. Wannan bai isa a yanke hukunci ba. Abin da ake buƙata shi ne lamba guda da za a iya kwatantawa, kuma NDCG, ma'aunin da ke ba jerin sakamako lamba daga 0 zuwa 1, ita ce wadda aka fi ɗauka idan dacewar sakamako hawa-hawa ce, wato wani shafi ya dace sosai, wani ya ɗan taɓa batun, wani kuma bai da alaƙa ko kaɗan. Kalervo Järvelin da Jaana Kekäläinen na Jami'ar Tampere a Finland ne suka shimfiɗa ma'aunin a wata maƙala ta 2002.

Lissafin kansa bai wuce layi biyar ba. Inda ake zamewa shi ne wajen tattara makin mutane, da kuma wajen zaɓen lambar da za a raba da ita. Shi ya sa zan bi tambaya ɗaya tak daga farko har ƙarshe, in nuna yadda tsari biyu za su riƙa musayar matsayi ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Mataki na farko: tambayoyi da kwandon shafuka

Ɗebo tambayoyin daga rajistar abin da mutane suka rubuta da gaske, kada ka ƙirƙiro su daga kanka, domin tambayar da injiniya ya ƙirƙira kullum tsaf take, ba kuskuren rubutu, ba rabin jimla. Ka haɗa waɗanda ake yawan yi da waɗanda ba a cika yi ba. A gasar TREC ta gwada tsare-tsaren bincike, wadda hukumar NIST ta Amurka ke shiryawa tun 1992, an saba amfani da batutuwa 50 a zagaye guda, kuma wannan adadin wuri ne mai kyau na farawa. Idan bambancin da kake nema ƙarami ne, za ka buƙaci fiye da haka.

Ba mai iya duba kowane shafi a kan kowace tambaya. Dabarar da TREC ta yaɗa ita ce a ɗauki sakamakon farko-farko na kowane tsarin da za a gwada, a zuba su a kwando ɗaya, a cire maimaici, sannan a miƙa wa masu dubawa. Idan za ka auna goman farko, to ka ɗebo aƙalla goman farko na kowane tsari. Ashirin ya fi, saboda gobe za a zo da tsari na uku. Ka gauraya shafukan, ka ɓoye wane tsari ya kawo wane, ka kuma ɓoye matsayin da suka fito. Mai dubawa da ya san shafi ya fito a lamba ɗaya yakan ƙara masa maki ba tare da ya lura ba.

Tambayar misalinmu ita ce "na manta kalmar sirri". Don lissafi ya yi sauƙi, biyar na farko kawai za mu auna. Tsohon tsari da sabon tsari kowanne ya kawo biyar, biyu sun zo ɗaya, don haka kwandon yana da shafuka takwas, D1 zuwa D8.

Mataki na biyu: makin mutane

A nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Sikeli mai hawa huɗu, daga 0 zuwa 3, ya ishi yawancin ayyuka. Amma kada ka rubuta wa masu dubawa "3 na nufin ya dace sosai" ka tsaya, don kowa da irin nasa "sosai". Ka ɗaura kowane hawa a kan abin da mai tambayar zai iya yi da shafin. Maki 3: ya buɗe shafin, ya bi abin da ke ciki, matsalarsa ta ƙare. Maki 2: amsar tana ciki amma sai ya tono ta, ko kuma rabinta ce. Maki 1: batun ɗaya ne amma ba a amsa tambayar ba. Maki 0: ba ruwan shafin da tambayar. Ƙarƙashin kowane hawa ka sa misalai biyu ko uku na gaske.

Ga abin da masu dubawa suka ba shafukanmu. D1, matakan sake kalmar sirri ta imel, ya sami 3. D2, matakan sake ta ta lambar waya, shi ma 3. D3, dogon shafi a kan matsalolin shiga asusu wanda sakin layi na shida ne ya yi maganar mantuwa, 2. D4, abin da za a yi idan saƙon sake kalmar sirri bai iso ba, 2. D5 da D6 suna bayanin yadda ake zaɓar kalmar sirri mai ƙarfi da yadda ake canza ta bayan an riga an shiga, kowanne 1. D7 da D8 na biyan kuɗi ne da rufe asusu, 0.

Dubi D6 da kyau. Kalmomin tambayar duk suna cikinsa, amma wanda ya manta kalmar sirrinsa ba zai iya shiga ba balle ya canza ta. Sabon mai dubawa kusan kullum 3 yake ba irin wannan shafin, saboda idonsa na kan kalmomi. Maganinsa shi ne kowace tambaya ta zo da jimla ɗaya ko biyu da ke faɗin abin da mai tambayar yake nema da halin da yake ciki.

Kafin a shiga aikin gadan-gadan, ka ba mutum biyu ko uku shafuka ɗari iri ɗaya, kowa ya yi nasa ba tare da ganin na wani ba, sannan ku zauna a kan inda suka saɓa. Sau da yawa laifin na takardar umarni ne, sai a gyara ta a sake. Wajen auna yarjejeniyarsu, kada kashi cikin ɗari ya ruɗe ka. A ce mutum biyu sun duba shafuka 100 da "ya dace" ko "bai dace ba", kowannensu ya ce 90 ba su dace ba, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan 86. Kamar abin yabo. To amma ko da ido rufe suke rabawa a wannan gwargwadon, za su haɗu a kan 82, wato 0.9 sau 0.9 a tara da 0.1 sau 0.1. Ma'aunin kappa na Jacob Cohen yana cire wannan rabon na sa'a: 0.86 a debe 0.82, a raba da 0.18, ya ba da kusan 0.22. Cikin shafuka goma da kowannensu ya ce sun dace, uku kacal suka yarda a kai. Ga sikeli mai hawa huɗu ka yi amfani da kappa mai nauyi, wadda ke hukunta saɓanin 0 da 3 fiye da saɓanin 2 da 3.

Saɓani ba zai taɓa ƙarewa ba, kuma ba sai ya ƙare ba. Binciken Ellen Voorhees a kan bayanan TREC ya nuna cewa ko da an sauya masu dubawa, lambobin suna motsawa amma jerin wane tsari ya fi wane bai cika sauyawa sosai ba, matuƙar tambayoyin suna da yawa. Wannan na nufin NDCG ta fi amfani wajen kwatanta tsari biyu a kan maki iri ɗaya, fiye da a ɗauki lambar ita kaɗai a ce "mun kai 0.8".

Mataki na uku: lissafin

Tunanin mai sauƙi ne. Kowane shafi yana kawo riba gwargwadon makinsa, amma ana yi wa ribar ragi gwargwadon nisansa daga sama, saboda mutane daga sama suke fara karantawa kuma da yawa ba sa kai wa ƙasa. Sigar da aka fi amfani da ita yau, inda `gain_i` yake nufin ribar shafin da ke matsayi na `i`, `k` kuma yawan sakamakon farko da ake aunawa, ita ce:

```
DCG@k  = sum( gain_i / log2(i + 1) ),  i = 1..k
NDCG@k = DCG@k / IDCG@k
```

Raba riba da wannan logaridim daidai yake da ninka ta da wani nauyi. Matsayi na 1 nauyinsa 1, na 2 0.631, na 3 0.5, na 4 0.431, na 5 0.387. Na 10 yana da 0.289. Lura cewa faɗuwar ta fi tsanani tsakanin na ɗaya da na biyu, daga nan sai ta riƙa lafawa.

Tsohon tsari ya jera D3, D1, D7, D5, D4, wato maki 2, 3, 0, 1, 2. Idan muka ɗauki makin a matsayin ribar kai tsaye, muna da 2, da 1.893, da 0, da 0.431, da 0.774. Jimla 5.097. Wannan ita ce DCG ɗinsa.

Sabon tsari ya jera D1, D6, D8, D2, D7, wato 3, 1, 0, 3, 0. Ribarsa 3, da 0.631, da 0, da 1.292, da 0. Jimla 4.923.

Waɗannan lambobin ba za a iya haɗa su da na wata tambaya ba, domin tambayar da ke da amsoshi masu kyau guda goma za ta tara DCG mai yawa ko da tsarin bai yi wani abin kirki ba, ita kuwa mai amsa ɗaya tak ba za ta taɓa kamo ta ba. Shi ya sa ake raba kowace da IDCG, wato DCG ɗin jeri mafi kyau da zai yiwu a wannan tambayar. Ka ɗauki duk shafukan kwandon da aka ba maki, ka jera su daga babba zuwa ƙarami, ka yanke a biyar: 3, 3, 2, 2, 1. Ribarsu 3, 1.893, 1, 0.861, 0.387. Jimla 7.141. Tsohon tsari ya sami 5.097 a raba da 7.141, wato 0.714. Sabon ya sami 0.689. Tsohon ya yi nasara da ɗan ƙaramin tazara.

Riƙe waɗannan lambobi biyu, don yanzu za mu fara juya su.

Riba kai tsaye ko riba mai ninkuwa

Akwai siga ta biyu da ta yaɗu musamman a wajen masu horar da na'ura ta koyi jera sakamako, inda riba take `2^rel - 1`, `rel` kuwa shi ne makin shafin. Maki 0, 1, 2, 3 sai su koma riba 0, 1, 3, 7. Shafi mai maki 3 yanzu ya fi mai maki 2 sau biyu da ɗoriya, maimakon sau ɗaya da rabi.

Da wannan sigar tsohon tsari yana da 3, 4.417, 0, 0.431, 1.161, jimla 9.008. Sabon yana da 7, 0.631, 0, 3.015, 0, jimla 10.646. Jeri mafi kyau ya tara 14.595. Tsohon ya koma 0.617, sabon ya hau 0.729. Reshe ya juye da mujiya, alhali shafukan da makin da jerin duk ba a taɓa su ba.

Babu wadda ta yi ƙarya cikin sigogin biyu. Tsohon tsari ya kawo shafuka huɗu masu ɗan amfani amma bai sa cikakkiyar amsa a sama ba. Sabon ya sa cikakkiyar amsa a lamba ɗaya, ya kawo ta biyu a lamba huɗu, ya cike sauran da tarkace. A ganina, ga wanda ya maƙale a ƙofar asusunsa, sabon ya fi, don amsa ɗaya yake so kuma yanzu yake so. Ga mai binciken da ke son tattara duk abin da aka rubuta a kan wani batu, riba kai tsaye ta fi kusa da buƙatarsa. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a lissafa duka biyun sannan a zaɓi wadda ta faranta rai. Ka zaɓi siga da `k` kafin ka ga sakamako, ka rubuta su a saman rahoto. Ka kuma duba kayan aikinka: ma'aunin `ndcg_cut` na `trec_eval`, shirin awo na TREC, da `ndcg_score` na scikit-learn duka riba kai tsaye suke ɗauka, wasu manhajojin horar da tsarin jeri kuma mai ninkuwa suke ɗauka. Lamba daga nan da lamba daga can ba a kwatanta su.

Kuskuren da ke cikin abin rabawa

Wannan shi ne wanda na fi gani a shirin kwamfuta da mutane suka rubuta da hannunsu. Maimakon a gina jeri mafi kyau daga dukkan kwandon, sai a ɗauki sakamako biyar da tsarin ya kawo, a sake jera su, a kira shi IDCG. Da riba kai tsaye, ga tsohon tsari hakan zai ba da 3, 2, 2, 1, 0, jimla 5.693, NDCG ta zama 0.895. Ga sabon zai ba da 3, 3, 1, 0, 0, jimla 5.393, NDCG ta zama 0.913. Duka sun kumbura, kuma wanda ya yi nasara ya sake sauyawa.

Illar ita ce an daina hukunta tsari a kan abin da ya kasa kawowa. Tsarin da ya kawo shafi ɗaya mai maki 1 a sama da tarkace huɗu a ƙasa zai sami 1.0 cif, saboda ya jera tarkacensa daidai. Alamar da za ka gane wannan cutar: lambobi suna yawo a sama da 0.9 alhali masu amfani suna ƙorafi, ko kuma IDCG ɗin tambaya ɗaya ta bambanta daga tsari zuwa tsari. Bai kamata ta bambanta ba. Ko `ndcg_score` ma daga makin da ka miƙa masa kawai yake gina jeri mafi kyau, don haka idan biyar ɗin da tsarin ya kawo kaɗai ka ba shi, ka faɗa ramin nan.

```python
from math import log2

def dcg(g, k):
    return sum(x / log2(i + 2) for i, x in enumerate(g[:k]))

def ndcg(run, qrels, k):
    ideal = dcg(sorted(qrels.values(), reverse=True), k)
    got = dcg([qrels.get(d, 0) for d in run], k)
    return got / ideal if ideal else None
```

A nan `qrels` shi ne makin duk shafukan kwandon na tambayar, `run` kuma jerin da tsarin ya kawo. Idan tambaya ba ta da ko shafi ɗaya mai dacewa, IDCG sifili ce kuma ba a rabawa da sifili. Na sa ta dawo da `None` don a ware ta a ƙirga ta daban, domin irin wannan tambayar tana nuna giɓi ne a cikin shafukan da kuka rubuta, tsarin jeri ba shi da abin yi a kai.

Shafukan da ba wanda ya duba

Dubi `qrels.get(d, 0)` a shirin da ke sama. Duk shafin da ba a ba shi maki ba, an ɗauke shi a matsayin 0. Haka al'adar take, kuma ba laifi idan kwandon ya ƙunshi sakamakon duk tsarin da ake gwadawa. Matsalar tana zuwa ne bayan watanni, lokacin da aka kawo sabon tsari aka auna shi da tsohon maki.

A ce an tara makin ne tun lokacin da tsohon tsari kaɗai ke akwai. Ba wanda ya taɓa duba D2, D6 da D8. Jerin sabon tsari zai koma 3, 0, 0, 0, 0, DCG ɗinsa 3, a raba da 5.693, ya ba da 0.527, a gaban 0.895 na tsohon. Za a ce sabon tsarin ya faɗi warwas, alhali laifinsa kawai shi ne ya gano D2, cikakkiyar amsar da tsohon bai taɓa nunawa ba. Gwargwadon yadda sabon tsari ya bambanta da na da, gwargwadon yadda wannan zaluncin ke ƙaruwa.

Don haka kusa da kowace NDCG ka rubuta kashi nawa na sakamakon farko aka ba maki. A misalin nan tsohon yana da biyar cikin biyar, sabon biyu cikin biyar, kuma ganin haka kaɗai ya isa a dakatar da kwatancen. Gyaran gaskiya shi ne a mayar da sababbin shafukan wurin masu dubawa, da takardar umarni iri ɗaya, sannan a sake lissafa wa duka tsarin biyu, tunda IDCG ta sauya. Idan ba hali, `trec_eval` yana da `-J` da ke cire shafukan da ba a duba ba kafin lissafi, amma shi kuma yakan karkata ta ɗaya ɓangaren, don cire su yana ɗaga na ƙasa zuwa sama kyauta. Ka lissafa ta hanyoyin biyu; idan ba su yarda a kan wanda ya yi nasara ba, sai an ƙara dubawa.

Daga tambaya ɗaya zuwa hamsin

Fayil ɗin maki, wato `qrels.txt`, yana da ginshiƙi huɗu: lambar tambaya, sifili, sunan shafi, maki. Umarnin kuma:

```
trec_eval -q -c -m ndcg_cut.5 qrels.txt run.txt
```

`-q` yana fitar da lambar kowace tambaya, `-c` kuma yana sa a ƙirga tambayoyin da tsarin bai kawo musu komai ba a matsayin sifili. In ba ka sa shi ba, sai a tsallake su, tsarin da ya yi shiru a kan tambayoyi masu wuya ya fito da matsakaici mai kyau. Wani abu kuma: shirin yana jera shafuka ne da lambar makin da tsarinka ya ba su a fayil ɗin sakamako, wato `run.txt`, ba ya kula da ginshiƙin matsayi. Idan shafuka da yawa sun yi kunnen doki a maki, da sunan shafi zai raba gardamar, kuma jerin da aka auna zai iya bambanta da wanda mutane suka gani a allo.

Matsakaicin duk tambayoyin shi ne lambar da za a kai taro, amma kada ka tsaya a kansa. Ga kowace tambaya ka debe lambar tsohon daga ta sabon, ka jera bambancin daga mafi muni zuwa mafi kyau. Ka ƙirga nawa suka gyaru, nawa suka lalace, nawa ba su motsa ba. Tunda tambayoyi iri ɗaya aka yi wa tsarin biyu, gwajin da ya dace shi ne na bibbiyu, irin `scipy.stats.ttest_rel`, ko gwajin da ake juya alamar bambancin da ka sau dubbai a ga sau nawa sa'a kaɗai ke kawo tazara irin wannan.

Dalilin wannan taka-tsantsan yana cikin misalinmu. A ce mai dubawa na biyu ya ga D2 bai kai 3 ba, saboda ba kowa ya sa lambar waya a asusunsa ba, ya ba shi 2. Jeri mafi kyau ya koma 3, 2, 2, 2, 1, jimla 6.510. Sabon tsari ya tashi 0.690, kusan inda yake. Tsohon kuwa, wanda bai ma nuna D2 ba, ya tashi daga 0.714 zuwa 0.783, don abin rabawar ya ragu. Ra'ayin mutum ɗaya a kan shafi ɗaya ya motsa lambar da kusan 0.07, tazarar da muka fara da ita tsakanin tsarin biyu kuwa 0.025 ce. A kan tambayoyi hamsin irin wannan motsin yana ɗan kashe juna, amma idan matsakaitan sun rabu da 0.01 kawai, ka buɗe tambayoyi goma da suka fi lalacewa, ka ajiye jerin biyu gefe da gefe, ka karanta shafukan da idonka, sannan ka sa wani mai dubawa ya sake ba su maki ba tare da ya ga na farko ba.